VPN Ba Ta Gajarta Tafiya, Hanya Take Sauyawa

A shagunan cajin waya na Garki, da ma majalisun ɗalibai a Dutse, magana ɗaya ta zama ruwan dare tsakanin masu buga PUBG da eFootball: wai idan wasa na sarƙewa, a kunna VPN, ping zai sauka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ɗaukarta a dunƙule ya sa matasa da dama asarar data, wasu har da asusunsu na wasa.

Ping shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka daga waya zuwa uwar garken wasa ya dawo, ana auna shi da milisakan, wato ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan, kuma babu manhajar da za ta ƙara masa sauri.

Mu ɗauki matashin da ke Garki, uwar garken wasansa na Turai. Saƙonsa zai hau turken sadarwa, ya gangara Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000, sannan ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Glo-1, wadda ta haɗa Legas da Birtaniya, tsawonta kimanin kilomita 9,800 ne. Zuwa da dawowa ke nan kusan kilomita 22,000, wato milisakan 110. Idan aka ƙara jinkirin da ke tsakanin waya da turke, 140 ba abin mamaki ba ne. To, idan ya kunna VPN ta kyauta ta ajiye shi a New York, saƙon zai tsallaka Amurka kafin ya komo Turai, ƙarin kusan milisakan 70. Wanda zai je Gumel daga Garki ya ce sai ya fara biyawa ta Dutse, ai bai nemi sauƙi ba.

Yaushe ne take taimako? Sai idan kamfanin layinka ne ya bi karkatacciyar hanya. Yakan faru saƙon da ya nufi Johannesburg ya fara zuwa Landan, saboda a can kamfanonin biyu suke haɗuwa, alhali wayoyin WACS da Equiano sun miƙe daga Legas zuwa Afirka ta Kudu. VPN mai tasha a Legas, wadda ke da hanya kai tsaye zuwa kudu, tana iya yanke wannan zagaye. Mai kwamfuta zai iya dubawa da umarnin `tracert`, ya sa adireshin uwar garken a gabansa. Idan ya ga `lon` ko `fra` a sunayen zangunan, alhali Afirka ta Kudu ya nufa, hanyar ta karkace.

Mai waya kuwa ya lura da lambar da wasan ke nunawa. Idan tana da yawa amma a tsaye take, nisa ne ko hanya. Idan da asuba 140 take, bayan isha'i kuma tana tsalle tsakanin 150 da 400, galibi cunkoso ne a turken gari, kuma saƙon VPN ma ta wannan turken zai bi. Maganin nan shi ne sauya wurin zama, ko layi, ko lokacin wasa. Haka ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku huɗu suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa: hanyar ce ta tsinke, sauya tasha bai ɗinke ta ba.

Batun shiga wasu yankuna daban ne. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, VPN ta yi aiki domin ƙofa ɗaya aka rufe, hanya na nan. Da aka katse sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, ba ta tsinana komai ba, domin turakan ne aka kashe.

A fagen wasa kuwa akwai farashi. Dokokin Steam sun hana ɓoye ƙasar da mutum yake don sayen wasa da araha, kuma hukuncin na iya kaiwa ga rufe asusu da duk abin da aka saya a ciki. Wanda ya manta VPN a kunne ya buɗe manhajar banki, bankin zai ga kamar daga wata ƙasa ake shiga, yana iya tsayar da shi. Sannan mai VPN ta kyauta yana ganin duk inda kake zuwa. Ka tambayi kanka da me yake biyan kuɗin injunansa.

Shawarata ita ce awo: a buga wasa uku babu VPN, uku da ita, a lokaci guda na dare, da tasha mafi kusa da uwar garken. Idan lambar ba ta sauka ta tsaya ba, a goge manhajar.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.