Daga Ƙofar Marusa: yadda guntun gawayi ke faɗin shekarunsa

 Wannan makon a Katsina muka yada zango, a Ƙofar Marusa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin. Tambayarmu ita ce: da za a haƙa gindin tsohuwar ganuwa a tarar da guntun gawayi, ta yaya za a san shekararsa nawa, alhali babu wanda ya rubuta? Amsar tana cikin darasin da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke gamuwa da shi a fiziks, wato lalacewar atam masu fitar da tururin nukiliya, da lissafin rabin rayuwa, wanda malamai ke kira haf-layif a cikin aji.

Mu fara da abin da ke cikin gawayin. Duk tsiro yana shaƙar kabon daga iska muddin yana raye. Mafi yawan wannan kabon zaunanne ne, ba ya canjawa. Amma a cikin kowane atam kusan tiriliyan ɗaya akwai guda ɗaya da ake kira kabon-14, wanda ba shi da tabbas. Wata rana yakan fitar da ƙwayar lantarki daga cibiyarsa ya rikiɗe ya zama naitirojin-14. Yayin da bishiya ke raye, abin da ya lalace ana maye gurbinsa daga iska. Ranar da aka sare ta, shigowa ta tsaya, sai raguwa kawai. Daga ranar agogo ya fara bugawa. Willard Libby da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago ne suka fito da wannan hanyar auna shekaru a 1949, kuma ya samu kyautar Nobel a kanta a 1960.

Rabin rayuwar kabon-14 shekara 5,730 ne. Ma'anarsa, ko nawa ne adadin atam ɗin da muke da shi, bayan shekara 5,730 rabinsu sun lalace. A nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Sai ka ji yaro ya ce, tunda rabi ya tafi a shekara 5,730, sauran rabin zai tafi a wata 5,730, ke nan a shekara 11,460 komai ya ƙare. Wannan lissafin kyandir ne. Kyandir idan ya ci rabinsa a awa ɗaya, a awa biyu ya ƙare, domin wutar tsayi ɗaya take ci kowane minti. Atam ba haka suke ba. Rabin abin da ya rage ne ke tafiya kowane zagaye. Idan muka fara da kashi 100, bayan zagaye ɗaya saura 50, bayan biyu saura 25, bayan uku saura 12.5, bayan huɗu saura 6.25.

Me ya sa haka? Domin atam ba ya tsufa. Wanda ya shekara dubu goma da wanda aka samar jiya, damar lalacewarsu a wannan shekarar ɗaya ce. Babu mai iya nuna wani atam ya ce gobe zai lalace. Abin da aka sani kawai shi ne, idan suna da yawa, masu lalacewa a kowace shekara suna da yawa. Idan sun ragu, masu lalacewa ma sun ragu. Zafin rana ko sanyin hunturu ko danshin ƙasa ba sa ƙara saurin abin, ba sa rage shi.

Za ku iya gani da idonku. Ku yanka kwali gida 100 ƙanana, ku sa alamar biro a fuska ɗaya ta kowanne. Ku zuba a kwano, ku girgiza, ku watsa a tabarma. Duk wanda alamarsa ta kalli sama ya lalace, ku cire shi. Ku ƙirga sauran ku rubuta, ku sake watsawa. Za ku samu wajen 50, sannan wajen 25, sannan 12 ko 13. Ba lalle ya zo cif ba, kuma ƙarshen wasan ya fi rikici, don idan guda uku suka rage suna iya tafiya gaba ɗaya ko su ƙi tafiya. Dokar rabin rayuwa ta taron jama'a ce, ba ta ɗaiɗaiku ba.

Yanzu ku ɗauko takardar giraf. Yawan watsawa a layin kwance, abin da ya rage a layin tsaye. Idan kuka haɗa ɗigogin, ba miƙaƙƙen layi za ku samu ba. Layin zai gangaro da sauri da farko kamar mai saukowa daga tudu, sannan ya riƙa kwantawa, yana kusantar ƙasa a hankali. Ga yadda ake gane wannan lanƙwasa daga sauran: ku zaɓi kowane wuri a kanta, ku duba tsawon lokacin da adadin ya ɗauka kafin ya koma rabi. Daga 80 zuwa 40, ko daga 30 zuwa 15, tazarar lokacin ɗaya ce. Idan ba ɗaya ba ce, akwai kuskure a zanen ko a awon.

A rubuce dokar ita ce:

N = N₀ × (1/2)^(t/T)

N₀ shi ne adadin farko, N abin da ya rage, t lokacin da ya wuce, T kuwa rabin rayuwa. Idan lokacin muke nema, sai mu juya ta:

t = T × log(N₀/N) ÷ log 2

To mu koma Ƙofar Marusa. A ce an kai gawayin nan ɗakin bincike, aka ce saura kashi 92 cikin 100 na kabon-14 ɗinsa. Wannan misali ne na koyo. Da farko mu raba 100 da 92, mu samu 1.087. Mu danna log a kalkuleta, mu samu 0.0362. Shi kuma log 2 shi ne 0.3010. Idan muka raba 0.0362 da 0.3010 za mu samu 0.120. Wato gawayin bai ci ko kashi ɗaya cikin takwas na rabin rayuwa ba. Sai mu ninka 0.120 da 5,730, amsa ta fito wajen shekara 690.

Bari mu ga abin da mai lissafin kyandir zai samu. Zai ce kashi 50 na tafiya a shekara 5,730, saboda haka kashi 8 zai tafi a 8 bisa 50 na wannan lokacin, wato shekara 917. Ya ƙara wa gawayin kusan shekara 230 da ba tasa ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin ya kai kusan tazarar da ke tsakanin zamanin Sarki Ummarun Dallaje da yau. Dalilin kuskuren yana cikin siffar lanƙwasar. A farkon tafiya atam suna da yawa, saboda haka raguwar ta fi sauri. A shekara 573 ta farko, wato kashi ɗaya cikin goma na rabin rayuwa, kashi 6.7 ne ke tafiya, ba kashi 5 da miƙaƙƙen layi ke nunawa ba.

Ku lura da wani abu kuma. Da awon ya nuna 91 maimakon 92, amsar za ta koma wajen shekara 780. Bambancin kashi ɗaya tak ya jawo shekara 90. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa faɗin shekara guda ƙwaya ɗaya, sai dai su ce tsakanin kaza da kaza.

An yi irin wannan aiki a kusa da mu. A Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani akwai tsofaffin kaburburan manya, waɗanda aka haƙa a 1907, aka sake haƙawa a 1992. Binciken da aka yi wa kayan da aka samu, har da awon kabon-14, ya sanya su tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Akwai kuma kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Idan muka raba 8,000 da 5,730 za mu samu wajen 1.4, wato ya wuce rabin rayuwa ɗaya, bai kai biyu ba. Tun kafin mu taɓa kalkuleta mun san abin da ya rage yana tsakanin kashi 50 da 25. Lissafi ya ba da kashi 38. Ku riƙa yin wannan ƙiyasi kafin ku rubuta amsa a WAEC ko NECO, zai tare muku kurakurai da yawa.

Sai dai lissafi daidai ba ya nufin labari daidai. Kabon-14 yana faɗin lokacin da tsiron ya mutu ne, ba lokacin da aka yi gini ba. Ginin ƙasa kullum cikin gyara yake, ana yaɓe bayan damina. Ciyawar da aka kwaɓa da ƙasar yaɓe za ta ba da shekarar gyaran, ba ta kafa ganuwa ba. Azara kuma ana iya ciro ta daga tsohon gida a sa a sabo, sai ta nuna ginin ya girmi shekarunsa. Saiwar bishiyar yau idan ta ratsa cikin tsohon gawayi, tana zuba masa sabon kabon, sai ya fito kamar ƙarami. Saboda haka mai haƙa yakan rubuta zurfin da ya samu kowane abu, ya auna fiye da guda ɗaya, ya ga ko na ƙasa ya girmi na sama. Haka kuma yawan kabon-14 a iska ya ɗan riƙa hawa da sauka a tarihi, don haka ana daidaita amsar da zoben shekara na cikin kututturen bishiyoyin da aka san shekarunsu.

Hanyar tana da iyaka, kuma wutsiyar lanƙwasar ce ta kafa ta. Bayan shekara 50,000 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 400 ba. A can layin ya kwanta sosai, ƙazanta kaɗan daga hannun mai ɗauka ta isa ta ɓata awon. Sannan ba a auna dutse ko tsurar ƙasa da ita, sai abin da ya taɓa rayuwa, kamar itace, ƙashi, fata ko ƙwayar hatsi.

Aikin gida na wannan makon guda biyu ne. Na farko, ƙashi ya rage da kashi 12.5 cikin 100 na kabon-14, shekararsa nawa? Wannan ba ya buƙatar log. Na biyu, guntun itace ya rage da kashi 70. Ku fara ƙiyasi, sannan ku lissafa da miƙaƙƙen layi, ku lissafa da log, ku faɗi wanne ya fi yawa da dalili. Ku turo amsoshinku tare da zanen wasan kwalinku, da sunan makaranta da aji. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.