Zauren Lafiyar Iyali: Farin da ke fitowa a bakin mai shaƙar maganin asma

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, likitoci kan ɗora masu asma da yawa a kan maganin shaƙa na kullum, wanda muke kira inhela. Bayan 'yan makonni sai a fara kawo mana yara, har da manya, da wani farin abu kamar gudajin kindirmo a harshe da cikin kumatu. Abin da ya fi damuna shi ne uwa na ganin farin sai ta ajiye inhelar, ta ce maganin bai karɓi yaro ba. Alhali ruwa rabin kofi ya isa ya rage haɗarin wannan matsalar sosai.

Inhela iri biyu ce. Akwai ta agajin gaggawa, wadda galibi shuɗiya ce, mai ɗauke da salbutamol, wadda aka fi sani da Bentolin. Ita buɗe hanyar numfashi take yi nan take, kuma babu sitiroyid a cikinta. Akwai kuma ta rigakafi da ake shaƙa safe da dare ko da lafiya lau ake, mai ɗauke da sitiroyid irin su beklometason, budesonayid ko fulutikason. Wannan ta biyun ita ce maganarmu a yau. Kada ki dogara da launi kaɗai, domin kamfanoni sun bambanta. Ki tambayi likita ko mai ba da magani ko akwai sitiroyid a taku.

Idan aka fesa inhela kai tsaye a baki, kaɗan ne daga maganin ke isa huhu. Mafi yawansa a harshe, ganɗa da maƙogwaro yake maƙalewa. Aikin sitiroyid shi ne kwantar da kumburi, wato yana rage zafin garkuwar jiki a wurin da ya sauka. A huhu abin da ake so ke nan. A baki kuwa akwai wata ƙwayar halitta dangin fumfuna mai suna kandida, wadda take zaune a bakin mutane da yawa masu lafiya ba tare da ta yi illa ba, saboda garkuwar jiki ta taka mata burki. Idan magani ya kwana a baki yau da gobe, sai garkuwar wurin ta yi sanyi, kandida ta samu fili ta yaɗu. Saboda haka ba ƙazanta ba ce, ba kuma wani ne ya shafa wa yaron ba.

Yaya za ki gane ta? Ki haska bakin da fitilar wayarki, ki sa tsumma mai tsabta ki ɗan goga farin a hankali. Ragowar madara ko koko yana fita, ya bar fata lafiya. Farin kandida yana manne, in kuma ya fita sai ki ga wurin ja, wani lokaci da ɗan jini. Yaro kan ƙi abinci mai yaji ko tsami, ya ce bakinsa na zafi, gefen leɓɓansa ya tsattsage. Babba kan ce abinci ba ya masa ɗanɗano. Idan ta sauka maƙogwaro, haɗiya takan yi zafi. Dishewar murya ma na faruwa, sai dai sau da yawa sitiroyid ɗin ne da kansa ya taɓa igiyoyin murya, ko da babu kandida.

Ga yadda ake kurkurar. Da zarar an gama shaƙa, kafin a yi komai, a guntsi ruwa a wasa shi a ko'ina cikin baki, a tofar. A sake guntsa, a ɗaga kai sama a bar ruwan ya yi wasa a maƙogwaro na 'yan daƙiƙu, a tofar. A maimaita sau biyu ko uku. Kada a haɗiye, domin fitar da maganin ake so a yi. Idan likita ya rubuta fesa biyu a lokaci guda, a shaƙi biyun sannan a kurkure, amma duk lokacin da aka ɗauki inhelar sai an yi. Ruwan sha ya wadatar, ba sai an sayi ruwan wankin baki na kanti ba. Dabarar da ke hana mantuwa ita ce a ajiye inhelar kusa da buroshi, a shaƙa tukuna, sannan a goge haƙora.

Yaron da bai iya tofarwa ba, kamar ɗan shekara 2 ko 3, ki goge masa haƙora da harshe bayan ya shaƙa, ko ki ba shi ruwa ya sha, ko ki ba shi maganin dab da cin abinci. Idan da abin rufe hanci da baki yake shaƙa, ki goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma.

Abokin kurkura shi ne sifesa, wata gorar roba da ake sa inhela a gefe ɗaya, baki a ɗaya gefen. Manyan ɗigon maganin da za su maƙale a maƙogwaro sai su tsaya a jikin gorar, ƙananan su wuce huhu. A girgiza inhelar, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi sau biyar zuwa shida, sannan a sake girgizawa don fesa ta biyu. Inhelar gari, wadda ake zuƙa da ƙarfi ba fesawa ba, ba a haɗa ta da sifesa, don haka kurkura ce kaɗai kariyarta.

Kwanakin baya an kawo wata yarinya 'yar shekara 7 da ke shaƙar beklometason fesa biyu safe, biyu dare, ba sifesa. Ta dare a kan gado ake ba ta, ta shaƙa ta kwanta, magani ya kwana a baki har asuba. Da farin ya fito, mahaifiyarta ta tsayar da inhelar, ta sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Farin ya ƙaru, domin irin wannan maganin yana kashe ƙwayoyin da ke gogayya da kandida ne, ita kuwa ba ya taɓa ta. Bayan kusan mako biyu tarin dare ya dawo, ƙirji ya fara shaƙewa. Likita ya mayar da ita kan inhelarta, ya rubuta ruwan nistatin, mililita 1 sau huɗu a rana bayan abinci, a riƙe shi a baki kafin a haɗiye, na kwana 7, a kuma ci gaba kwana biyu bayan farin ya ɓace. Aka ba ta sifesa, aka dawo da shaƙar dare zuwa kafin goge haƙora. Bakin ya warke, asmar ta lafa.

Kurkura rigakafi ce, tana rage haɗarin sosai, amma ba ta warkar da farin da ya riga ya fito. Wannan sai da magani daga asibiti. Kada a kankare shi da ƙarfi, kada a goga alif ko toka. Mai shaƙar sitiroyid mai yawa, mai ciwon suga, da mai haƙoran roba sun fi saurin kamuwa. Idan farin bai tafi ba bayan mako guda ana magani, ko yana ta dawowa duk da kurkura, ko abinci na tsayawa a ƙirji lokacin haɗiya, a koma wurin likita. Zai duba yawan maganin, ya auna suga, ya kuma bincika ƙarfin garkuwar jiki.

Uwargida, ko da kin ga farin yau, kada ki tsayar da inhelar rigakafi da kanki. Ciwon baki yana warkewa cikin kwanaki, tashin asma kuwa yana iya kai yaro gadon asibiti cikin dare ɗaya. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a mako mai zuwa.