Gugar Zana a Wasiƙar Ofis

Tun da imel ya karɓe aikin masinja a ofisoshinmu, akwai waɗansu kalmomin Turanci da muke kwafowa daga wasiƙun na gaba da mu, mu liƙa a cikin namu, ba tare da mun tambayi kanmu yadda za su sauka a kunnen mai karɓa ba. Uku daga cikinsu sun fi yawo: “kindly revert”, da “going forward”, da “as per my last message”. Maganar baki tana da 'yan rakiya, watau murya da fuska. Imel kuwa shi kaɗai yake tafiya, sai mai karantawa ya sa masa muryar da ya ga dama, gwargwadon ƙasar da ya tashi da kujerar da yake kai. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan kalmomi sun fi ɗaukar zafi bisa ga ma'ana, kuma ɗalibin da ke shirin shiga aiki ya kamata ya san nauyinsu kafin ya ɗauka.

Bari mu fara da “kindly revert”. Asalin “revert” daga Latin ne, ma'anarta komawa baya. A Turancin yau da kullum na Ingila da Amirka, abu ne yake komawa halinsa na dā, kamar gonar aro da ta koma hannun mai ita. A Indiya da Nijeriya kuwa ta zama “ba ni amsa”, har ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci ya shigar da wannan ma'ana a bugunsa na 2010, ya danganta ta da Turancin Indiya. Saboda haka wanda ya rubuta wa ofishin shigar da ɗalibai na wata jami'a a Amirka haka, yana iya barin magatakarda cikin tunanin me ake so ya mayar. Idan kuma takarda ce ake gyarawa tare a kwamfuta, abin ya fi haɗari, domin a can “revert” umarni ne na a soke gyara a koma kwafin baya.

“Kindly” ma tana da nata. A wurinmu ladabi ce, daidai da “don Allah”. A kunnen Bature ɗan Ingila kuwa, sau da yawa muryar babba ce wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa, irin wadda ake cewa da mutum ya fice daga ɗaki. Bugu da ƙari, masu damfara ta imel sun yawaita amfani da ita, har waɗansu a ƙasashen waje suna ɗari-ɗari da saƙon baƙo da ya zo da ita. Abin da muka miƙa da hannu biyu, sai a karɓe shi da shakka.

To, sai “going forward”, watau daga yanzu. A cikin sanarwar sabon tsari ga kowa da kowa, ba ta da laifi. Amma idan mutum ɗaya aka rubuta wa, bayan wani abu ya faru, hannunka mai sanda ce: ka yi kuskure, kada ka ƙara. Tana da wani aikin kuma, wanda shugabanni suka fi so. Wanda ya yi sakaci yakan ce da ita a dubi gaba, don kada a tambayi wanda ya ɓata baya. Ƙarami ba ya rubuta wa babba ita, domin tsara gobe ikon shugaba ne.

Ta ukun ita ce gugar zana tsantsa. “As per my last message” a zahiri nuni ne ga saƙon baya, amma abin da mai karɓa yake ji shi ne, “Na riga na faɗa maka, kai ne ba ka karanta ba.” Ga aibi na biyu: ta tura mutum ya tona tarin saƙonni ya nemo abin da ake so, alhali kuwa maimaita buƙatar layi ɗaya ne.

Ga misali. A ce sabon ma'aikaci mai mataki na 8 an umarce shi ya haɗa alƙaluman kuɗin da aka kashe daga Janairu zuwa Maris, domin taron ranar Alhamis. Ran Litinin ya rubuta wa wani babban jami'i mai mataki na 14 a sashen kuɗi doguwar wasiƙa, buƙatar tana can cikin sakin layi na huɗu, ba rana ba lokaci, ya rufe da “kindly revert”. Jami'in ya karanta farkonta a waya, bai ga gaggawa ba, ya ajiye. Ran Laraba yaro ya ji shiru, ya sake rubutawa da “as per my last message”, ya kuma sa darakta a layin CC. A ganinsa tuni ya yi. A ganin jami'in kuwa, yaro ya kai ƙararsa. Amsa ta zo ba gaisuwa: “Noted. Going forward, route such requests through your head of unit.” Alƙaluma ba su zo ba, taro ya ƙarato, an kuma sayi gaba a banza. Alamun cewa wasiƙa ta yi tsami ke nan: gaisuwa ta ɓace, amsa ta gajarce zuwa kalma ɗaya ko biyu, sunayen manya sun fara taruwa a CC.

Da tun ran Litinin ya sa buƙatar a kanun wasiƙa, ya buɗe bayan gaisuwa da cewa, “Sir, could you please send me the January to March expenditure figures by 4 p.m. on Wednesday? They are needed for Thursday's meeting,” da ya faɗi abin da yake so, da lokacin, da dalilin. In ya ji shiru, sai ya maimaita buƙatar cikakkiya kamar yau ya fara, ko ya taka zuwa ofishin mutumin ya gaishe shi. Sa shugaba a CC shi ne makami na ƙarshe, kuma da sanin shugaban ake zare shi.

Wani zai ce, ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don me za mu auna Turancinmu da mudun Landan? Wannan magana tana da ƙarfi, ba mu kuma ce Turancin Nijeriya kuskure ba ne. Tsakanin Kano da Legas kowa ya san abin da “kindly revert” take nufi, ba wanda zai ji haushi. Amma ko a gida ba ta faɗi ranar da ake son amsa ba, ba ta faɗi irin amsar ba: amincewa ce, ko sa hannu, ko alƙaluma? Sauran biyun kuwa, a Kano da Landan duka cizo suke yi.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga ma'aunin da muke ba da shawara. Kafin mu danna saƙo ya tafi, mu juya jimlar zuwa Hausa a zuci, mu ga ko za mu iya tsayawa gaban mutumin mu faɗa masa ita. Wa zai dubi wanda ya girme shi a aiki ya ce, “Kamar dai yadda na riga na gaya maka”? Abin da baki ba zai iya furtawa ba, kada mu bari yatsa ya rubuta. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa har kwanan wata da lokaci take ɗauke da su, tana nan ajiye sai ranar da za a buɗe fayil.