Sakan talatin na tela: daga yadi zuwa riga da zane

A zaman asusunmu na nan Tabla, wata ƴar ƙungiya da ta ci bashi ta sayi keken ɗinki ta kawo kukanta. Ɗinkinta ba shi da laifi, duk mun shaida, amma matan ƙauyukan da ke kewaye da mu har yanzu Baleyara suke kai yadinsu ranar Lahadi, don ba su san akwai tela kusa da su ba. Bashi kuwa ba ya jiran kowa, ranar biya tana nan tafe. Sai muka ce a yi mata ɗan bidiyo a saka a Watsap.

Na farkon da muka yi, Allah ya kyauta. Ƙanenta ya riƙe salula, ita kuma ta fara gaisuwa: ta gaida mai gari, ta gaida iyaye, ta gode wa ƙungiya. Minti huɗu suka wuce ba a ga almakashi ba. Da aka zo turawa, bidiyon ya yi nauyi, ya tsaya a hanya yana ta juyawa. Wadda ta samu ya buɗe mata ma cewa ta yi megarta ta ƙare kafin ta ga rigar.

Shi ya sa muka tsaya a kan sakan 30. Shekaru da yawa iyakar abin da Status na Watsap ke ɗauka ke nan a yanka guda. Yanzu an ƙara, amma idon mutane ya riga ya saba da gajere, kuma gajeren ne ke wucewa inda rezo ke da rauni. Muka koma muka ɗauko allo da alli kamar a ajin yaƙi da jahilci, muka rubuta abin da za a gani da abin da za a faɗa kafin a sake taɓa salula. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ƙanƙantar maganar da ke shiga. Mun karanta muna duban agogo: mace mai magana a natse, kalma biyu take faɗa a sakan guda, ko ta ɗan ɗara. Idan aka bar wa keke da almakashi nasu wurin, abin da ya rage wa baki bai kai kalma hamsin ba.

Ga yadda takardarmu ta fito. Sakan biyar na farko, shuɗin yadi ne shimfiɗe a kan tabarma, hannun tela yana shafa shi, tana cewa: "Salamu alaikum mata. Ku dubi yadin nan, mita biyar, ba ado ko ɗaya." Iyakar gaisuwar ke nan, kuma sai da aka yi gardama kafin ta yarda. Sakan huɗu na biye, igiyar awo da alli a kan yadi: "Na auna mai shi, na shata da alli." Sai sakan uku na almakashi, an matso da salula kusa har ana jin ƙarar yankan, ita kuwa kalma biyu kawai ta ce: "Na yanka."

Daga nan sai keke, sakan biyar, kuma a nan ba magana ko kaɗan. Mun gwada ta yi bayani tana taka keke, ƙarar ta cinye muryarta ƙaf. Da muka bar ta ta yi shiru sai ya fi kyau, don duk macen da ta ji wannan ƙara ta san ana aiki. A nuna allura da yatsu, ba sai an nuna fuska ba. Dutsen guga ya samu sakan uku: "Sai guga."

Sakan goma na ƙarshe su ne kasuwar, su muka fi daɗewa a kai. Mai kayan ta tsaya a kan tabarmar nan ta farko, daidai inda yadin yake ɗazu, ta juya sau ɗaya a hankali. Tela tana cewa: "Ga riga, ga zane, ga kallabi. Ɗinki jika uku, kwana uku. Ina Tabla, bakin hanyar Filinge. Ga lambata." Sai a ɗaga kwali mai lambar waya da manyan baƙaƙe, a riƙe shi tsaye har ƙarshe. Wurin a faɗe shi da baki, don ba kowa ya yi karatu ba, amma lamba ko wadda ba ta shiga aji ba tana iya kwafa. Komawa kan tabarma ɗaya kuwa shi ne ke sa mai kallo ta gane cewa yadin ɗazu ne ya zama kayan nan. Idan aka sake wuri, sai ta ɗauka wata riga ce aka ɗauko daga akwati.

To, ɗinki kwana uku yake ci, yaya za a ɗauke shi a safiya ɗaya? Salular ƙanen nata tana da wurin dakatawa, wanda ake dannawa ɗauka ta tsaya a ci gaba daga baya, amma ba za ta jira kwana uku ba. Anko ne ya fisshe mu. Mata uku suka kawo yadi iri ɗaya na bikin suna. Tela ta gama na ɗaya, ta kai na biyu rabi, na uku ba ta taɓa ba. Ranar ɗauka aka jera su kusa: na uku shi aka shimfiɗa aka yanka, hannun rigar na biyu shi ya hau keke, na ɗaya aka goge aka saka. Ana danna dakatawa tsakanin kowane mataki, ba a nemi mai haɗa bidiyo ba balle a biya shi. Salula a tsaye ake riƙe ta, da hantsi, a inuwar zaure, haske yana bayan mai ɗauka. Sau biyar muka maimaita kafin sakan ya zo daidai, kuma kowane karo sai an ja almakashi a wani gefen da dama za a yanka, don kada a ɓata yadin mutane.

Wata dattijuwa a cikinmu ta ce wannan ba yaudara ba ce? Mun tattauna sosai. Hukuncinmu shi ne, tunda duk ukun aikin hannunta ne, ba a ha'inci kowa ba, da sharaɗin kalmar nan "kwana uku" ta tsaya a ciki kuma ta zama gaskiya. Bidiyo yana sa ɗinki ya yi kama da abin ƙiftawar ido, sai mace ta kawo yadi da safe ta ce da marece take so. Kuma kowa ya san sunan da teloli suka yi wajen saɓa alkawari. Idan Salla ta matso aiki ya taru, a sake ɗaukar bidiyon a ce mako biyu, kada a bar tsohon yana yawo yana ɗaukar alkawarin da ba za a cika ba. Kuɗin ma haka: wasu sun ce a ɓoye shi a bar wa ciniki, mu kuwa muka ga mai jin kunyar tambaya ba za ta taso daga ƙauye ba sai ta san abin da za ta riƙo.

Saura izini. Kayan na mai shi ne, jikin ma nata ne. Mun tambayi matan uku kafin a ɗauka, wadda ta saka kayan ta ce daga wuya zuwa ƙasa kawai, kallabin ta riƙe shi a hannu, haka aka yi. Sun kuma roƙa kada a tura sai bayan suna, kada a ga ankonsu tun ranar ba ta zo ba. Mun jira. Yanzu an tura, kuma tunda maƙwabtanmu da yawa Zabarmanci suka fi ji, ranar zama mai zuwa za mu auna kalmomin nan da Zabarmanci mu ga ko za su shiga sakan talatin ɗin.