Kada ka yi gaggawar ce masa "tu"



Daga birnin Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kuma da ka tsallaka iyaka ka shiga Birnin Ƙonni. A kasuwa Hausa za a yi maka, amma da zarar magana ta koma kan takarda, ko wasiƙar ofis ko imel, sai Faransanci ya karɓe. Ko bayan da gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025, an bar Faransanci cikin harsunan aiki. Don haka marubucin da ke zaune a Horo Birni, ko Boɗinga, ko Shagari, in dai yana son rubutunsa ya isa ga masu karatu a Maraɗi da Tawa da Yamai, wata rana zai rubuta wa edita ko mai fassara ko malamin Jami'ar Abdou Moumouni da Faransanci. A nan zai ci karo da kalmomi biyu, *vous* da *tu*.

Ra'ayina shi ne, ka fara da *vous*, ka zauna a kansa, kuma idan kai ne ƙarami a shekaru ko a matsayi, kada tayin komawa *tu* ya fito daga gare ka. Na san wasu za su ce wannan tsohon yayi ne, matasan Faransa ma sun sake. Gaskiya ne sun sake, musamman tun bayan boren ɗalibai na Mayun 1968. Sai dai abokin aikinka ba matashin Faris ba ne, kuma a wannan yanki namu kalmar tana ɗauke da wani tarihi. A zamanin mulkin mallaka Bature kan ce wa baƙar fata *tu* komai furfurarsa, shi kuwa a ce masa *vous*. *Tu* ɗin da ba a nema ba yana iya zama raini har gobe. A Faransa kanta, dokar ɗa'ar 'yan sanda da ta fara aiki a 2014 ta wajabta musu ce wa jama'a *vous*.

Mu Hausawa muna da abin da ya yi kama da wannan. A gidaje da yawa yaro ba ya ce wa mahaifinsa "ka tashi lafiya", sai dai "kun tashi lafiya". To amma kamar da ke tsakaninsu ita ce ke ruɗar mu. "Ku" namu na girmamawa sama yake hawa kawai: ƙarami ya ce "ku", babba ya ce "kai", kuma haka za a mutu. Tsakanin sa'o'i kuwa, ko yau suka fara haɗuwa, "kai" da "ke" ake yi. *Vous* ba haka yake ba. Ban da girmamawa, yana nuna tazara. Mutum biyu sa'o'in juna, masu matsayi ɗaya, in ba su saba ba, kowa *vous* zai ce wa ɗan uwansa. Wanda ya fassara "kai" kai tsaye zuwa *tu* don yana ganin ai wancan tsaransa ne, ya shiga ɗakin mutum ba sallama.

Mu ɗauki misali. A ce matashi ne daga Horo Birni, ya rubuta gajerun labarai, an haɗa shi da wani mai fassara a Maraɗi da zai mayar da su Faransanci. Mu kira mai fassarar Issoufou, mu ce ya girme shi da kamar shekara 10. Saƙon farko ba gardama a kansa: *Bonjour Monsieur*, sai *je vous envoie*, sai a rufe da *Cordialement* da cikakken suna. Daga nan aikin matashin shi ne ya riƙa karanta amsoshin da ke zuwa masa da idon marubuci, domin canjin ba ya zuwa a rana ɗaya. Hawa-hawa yake zuwa, kuma ana ganinsa a kai da gindin saƙo.

Da farko Issoufou zai sa hannu da cikakken sunansa da muƙaminsa. Bayan saƙo biyar ko shida sai ka ga sunan yanka kaɗai ya rage a ƙasa. Sannan gaisuwar ta sauya, daga *Bonjour Monsieur* ta koma *Bonjour* da sunanka. A nan ne da yawa ke zamewa. Kiran mutum da sunan yankansa ba izinin *tu* ba ne. Akwai zango na tsakiya, wato suna tare da *vous*, kamar *Bonjour Issoufou, avez-vous reçu le texte ?* Abokan aiki na iya shekara da shekaru a wannan zango cikin mutunci da fahimtar juna, ba abin da ya ragu. Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir sun yi rayuwarsu tare suna ce wa juna *vous*.

To yaushe ne lokaci ya yi? A ganina sai abu biyu sun haɗu. Na ɗaya, kun taɓa magana baki da baki, ko a waya ko ido da ido, domin da wuya a koma *tu* da wanda ba a taɓa jin muryarsa ba. Na biyu, saƙonninku sun fara ɗaukar abin da ba na aiki ba: ya tambayi jikin mahaifiyarka, ka yi masa barka da sallah, ya yi maka tsiya kan yadda ku 'yan Najeriya kuke rubuta 'y inda su suke rubuta ƴ. Idan waɗannan sun samu, kuma ku sa'o'i ne, kowa na iya yin tayin. Idan ya girme ka, ko shi ne ke da ikon karɓa ko ƙin rubutunka, tayin nasa ne.

Yadda ake tayin ma yana da ƙa'ida. Ana yin sa ne da *vous*, ko da *on*, wato "mu", don kada ka aikata abin tun kafin a ba ka izini. Kada ka ware masa saƙo na musamman, sai ya zama kamar neman aure. Ka gama maganar aiki, sannan a layin ƙarshe ka rubuta:

*Si vous êtes d'accord, on pourrait se tutoyer.*

Ma'ana, in kun yarda, ma iya riƙa ce wa juna *tu*. Ga sa'a wanda kuka saba sosai, *On peut se tutoyer ?* ta wadatar. Na fi son ta farkon a rubuce, saboda sharaɗin da ke kanta ya bar wa mutum ƙofar fita. Idan ya amince za ka ga *Volontiers* ko *Avec plaisir*, galibi kuma jimlar da ke biye za ta zo da *tu*. Idan ya amsa saƙon bai tanka maganar ba, ya ci gaba da *vous*, to ka sami amsarka. Kada ka maimaita, kada ka nemi dalili. Ana ba da labarin François Mitterrand, cewa wani ɗan jam'iyyarsa ya tambaye shi ko za su riƙa ce wa juna *tu*, sai ya amsa da *Si vous voulez*, wato "in kuna so". Bai ce a'a ba, amma wancan ya gane.

Matashinmu na Horo Birni fa, da yake shi ne ƙarami, ba shi da abin yi ke nan? Yana da shi, kuma ya dace da tarbiyyarmu. Zai iya ba da nasa ɓangaren ba tare da ya nemi na babban ba:

*N'hésitez pas à me tutoyer.*

Wato, kada ku ji nauyin ce mini *tu*. Shi kuma ya ci gaba da *vous*. Idan Issoufou yana son abin ya zama na juna, zai faɗa. Idan bai faɗa ba, an koma tsarin da muka sani a gida, babba na cewa "kai", ƙarami na cewa "ku".

Wannan ya kawo mu inda littattafan koyon Faransanci da aka rubuta a Turai ba sa taimako sosai. A can, tsakanin manyan abokan aiki, an fi ɗaukar cewa wanda ya ce maka *tu* ya buɗe maka ƙofa ka mayar masa. A Nijar da maƙwabtanta ba kullum haka yake ba. Dattijon malami na iya ce maka *tu* tun saƙo na biyu, har ya kira ka *mon petit* ko *petit frère*, don ya ɗauke ka ɗa ko ƙane. Wannan kusanci ne na gaske, amma ba gayyata ba ce. Ka mayar masa da *tu* ka ga yadda amsa ta gaba za ta yi sanyi. Abin da ya fi shi ne ka kusanto shi ta wata hanyar: ka kira shi *Doyen*, ko Malam, ko Alhaji, ka riƙe *vous* ɗinka, har sai ka ga ya rubuta ƙarara cewa *tu peux me tutoyer*. Haka idan abokiyar aikin mace ce kai kuma namiji, ko da sa'arka ce, ni dai shawarata ka bar mata tayin. Rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma ba ka san yadda za a karanta shi ba, ko wa zai karanta.

Idan an amince, sauran aikin na nahawu ne, kuma nan ake gane wanda bai saba ba. Ba wakilin suna kaɗai ke sauyawa ba, jimlar duka ce. *Votre texte* zai koma *ton texte*, *vos remarques* su koma *tes remarques*, *s'il vous plaît* ta koma *s'il te plaît*. *Envoyez-moi* zai zama *envoie-moi*, babu s a ƙarshen *envoie*. *Veuillez trouver ci-joint* ba ta tafiya da *tu* ko kaɗan, sai dai *tu trouveras ci-joint* ko kawai *je t'envoie*. Rufewar ma ta sassauta, daga *Cordialement* zuwa *Amitiés* ko *À bientôt*. Kafin ka tura, ka bi saƙon ka nemi duk inda *vous* ko *votre* ko aikatau mai ƙarewa da *-ez* ya ɓuya, domin saƙon da ya fara da *tu* ya ƙare da *vous* yana sa mai karatu ya yi ta tunanin ko ya yi maka wani laifi ne a tsakiyar hanya.

Dalilin da ya sa na ce kada a yi gaggawa shi ne, hanyar ba ta da kwana. Daga *vous* zuwa *tu* ci gaba ne, amma komawa *vous* bayan an yi *tu* ana karanta shi a matsayin fushi ko yanke zumunci. Wuri ɗaya ne aka yarda da komawar: takardar hukuma. Idan Issoufou zai aiko wa matashin yarjejeniyar fassara a kan takarda mai tambarin ma'aikatarsu, ko wasiƙar da za a ajiye a fayil shugabansa ya gani, zai iya rubuta ta da *vous* ko da sun yi wata shida suna *tu* a WhatsApp, kuma ba wani abu ba ne. Haka idan saƙon na mutum biyu ne ko fiye, *vous* ɗin da ke ciki na jam'i ne, "ku" na yawa. Matashin ya amsa takardar da *vous* yadda ta zo, in ya koma WhatsApp da yamma ya tambayi Issoufou ko ta iso, ya yi da *tu*.