"Ba komi" ba amsa ba ce a wurin zance

A ganina, yawancin rigimar da ake kawo mana bayan an sa rana, tun a wurin zance take somawa. Yarinya ta ce wa saurayi, "Ni fa ina son in ƙare karatuna." Shi kuwa ya ce, "Ba komi, in Allah ya yarda," ya koma kan labarin babur ɗinsa. Ita ta tashi da cewa ya amince, alhali shi bai ma san wane karatu take nufi ba.

Da ya maida mata maganarta, "Wato sai kin ci jarrabawar bak za a ɗaura aure?", da ta gyara masa: a'a, har jami'a take nufi. Daga nan sai tambaya ta biyu: "In aka ba ki gurbi a Yamai, ni kuma sana'ata tana Maraɗi, yaya kike gani?" Nan ne ainihin maganar take, kuma kunya ba za ta bar ta ta fara da ita ba.

Mu iyaye da malamai mun koya wa ƴaƴanmu cewa saurare shi ne sunkuyar da kai a yi shiru. Gaban babba, haka ne. Tsakanin masu neman aure kuwa, shirun nan kowa fassara shi yake yadda ya so.

Amma tambaya ma tana da iyaka. "Wa ya kira ki ɗazu?" bincike ne, ba saurare ba. Ana gane bambancin daga amsarta: in ta koma "i" da "a'a", tana duban ƙofar gida, to tambayar ba daga maganarta ta fito ba.