Kwalli a idon namiji: rigar dandamali ce ko hali?

'Yan uwa ɗalibai, duk sanda 'yan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos suka sa namiji ya hau dandamali da gyale da jan baki, washegari sai ka ji an fara yi da shi daga Naraguta har titin Bauchi. Ni dai ina ganin muna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: mutum da rigar aikinsa.

A 1971 wani mawaƙin Ingila, Marc Bolan, ya fito a talabijin ɗin BBC da ƙyalƙyali a ƙarƙashin idonsa. Da yawa daga nan suke ƙirga farkon salon da ake kira gilam rok. A 1972 David Bowie ya wuce nan: ya rina gashi ja, ya yi kwalliyar da ba ka ce ta mace ko ta namiji ba, ya ƙirƙiro wani mutum sukutum mai suna Ziggy Stardust. Daga baya ɗan Japan Kansai Yamamoto ya ɗinka masa kaya. Dabarar ita ce ɗan kallo ya rikice, domin wanda ya rikice ba ya ɗauke ido.

Wannan dabarar ce Prince da Lady Gaga suka gada. A Najeriya ma Charly Boy ya daɗe yana fitowa da kwalliya, har da shigar mata da ya raɗa wa suna Linda.

To mu fa? Maza na sa kwalli ranar Sallah, ba wanda ya ɗaga gira. Samarin Woɗaaɓe a Nijar suna fente fuska a bikin Gerewol don mata su zaɓe su. Ashe kwalliya ba ta da jinsi, wuri ne ke ba ta ma'ana.

Amma fa akwai tarko. Ado Gwanja ya fito a ɗan daudu a finafinan Hausa, ya yi suna da waƙoƙin mata, har wasu suka kasa raba shi da rawar da ya taka. Bowie kansa ya ce Ziggy ya nemi ya haɗiye shi, kuma ranar 3 ga Yuli 1973, a dandamalin Hammersmith da ke Landan, ya sanar cewa wasan ya ƙare. Alamar rigar ta manne ke nan: in ta bi ka kasuwa da masallaci.

A Landan wannan ya ƙara wa mutum suna. A nan kuwa yana iya jawo wa ɗalibi fasa aure ko fushin iyaye, don bidiyon daƙiƙa 30 kan isa gida kafin shi. Ba na ce kowa ya so salon ba, mai ƙi yana da hujjarsa ta addini da al'ada. Sai dai ka soki wasan, ka bar yaron. Kafin ka tura bidiyon a zauren ajinku, tambayi kanka: halinsa ka gani, ko makin jarrabawa yake nema?